Kuɗin adashina zai fito a Agusta, in zuba shi a buhun shinkafa?

Inna, barka da aiki. Malamar firamare ce ni a Sakkwato, mu takwas a gida har da surukata. Ni da maigida muna haɗa naira 120,000 duk wata don abinci, amma kafin ashirin ga wata sun ƙare, yanzu haka mai shagon unguwa na bin mu 30,000. Shinkafa muke dafawa kwana biyar a mako, tiyarta kuwa ta tashi daga 3,000 zuwa 3,800, masara tana 1,700, gero 1,800. A watan Agusta zan kwashi adashin 200,000. Maigida ya ce mu zuba su duka a buhunan shinkafa kafin ta ƙara tashi. Me kike gani?

Wata malama daga Arkilla

Ɗiyata, kada ki saya. Maigida ya yi daidai da ya ce a sayi buhu, amma watan da ya zaɓa da abin da ya zaɓa ne ba su yi ba. Agusta ita ce tsakiyar damina, rumbunan manoma sun yi ƙasa, sabon hatsi yana gona bai nuna ba, abin da ke kasuwa yana hannun masu ajiya. A yawancin shekaru tsakanin Yuni da Agusta ne hatsi ya fi tsada a ƙasar nan. Idan kika cika ɗaki a lokacin, kin ɗauki farashin wata mafi tsada kin shimfiɗa shi a kan watannin da abinci zai yi araha. Gero yana fara shigowa a Satumba, ya cika kasuwa a Oktoba. Wake na biye da shi a Oktoba da Nuwamba, dawa kuma sai Nuwamba zuwa Disamba, shinkafar damina ma wajen nan take fitowa. Tsakaninki da sauƙi mako takwas ne zuwa goma.

Abu na farko da za ki yi da kuɗin nan shi ne ki biya mai shago dubu talatin ɗinsa. Mai cin bashi ba ya taya kaya, ba ya cewa a cika masa awo, ba ya kuma iya wucewa shagon gaba in ya ga can ya fi sauƙi. Wannan kaɗai yana cin kuɗi duk wata ba tare da an gani ba. Sauran 170,000 kuma a tsare su har kaka. Na san kuɗi a hannun mace mai 'ya'ya biyar ba sa zama, ga kuɗin makaranta a Satumba, ga biki, ga suna. Ki je wurin uwar adashi tun yanzu ki tambaya ko akwai wadda kwasarta ta faɗo a Oktoba ko Nuwamba da take son a gaggauta mata. Da wuya a rasa mai buƙatar kuɗi da wuri. Ku yi musaya, ki roƙi a cire miki na biyan bashin kawai. In hakan bai yiwu ba, ki sa su a asusun da ba ki riƙe katinsa a jaka.

Kafin ki sayi komai da buhu, sai kin san abin da gidanki ke ci, da tiya ba da naira ba. Naira tana canjawa kullum, cikin mutum takwas kuwa yana nan yadda yake. Ki ɗauki mako guda kina rubuta duk abin da ya shiga tukunya. Bari in yi miki ƙiyasi kafin naki ya fito. Gida irin naku yakan dafa kamar kashi uku cikin huɗu na tiyar shinkafa a girki ɗaya. Kwana biyar a mako ya kama wajen girki 21 a wata, wato tiya 16. A farashin da kika faɗa, 60,800 ke nan. Rabin kuɗin abincinku yana tafiya a abinci ɗaya na rana, ba a zo maganar miya da mai da kalaci da tuwon dare ba. Ga dalilin da ya sa ashirin ga wata take yi muku nisa.

A ce kin mayar da shinkafa kwana biyu a mako, Juma'a da wata rana da yara suka zaɓa. Za ki buƙaci tiya 7, wato 26,600. Tiya 9 da kika rage kuɗinsu 34,200 ne. Ki maye gurbinsu da masara ko dawa, amma ki lissafa tiya 10 saboda surfe yana rage hatsi, ki kuma ɗora kuɗin surfe da niƙa, a ce 200 a kan kowace tiya. Ya kama 19,000. Abin da ya rage a hannunki 15,200 ne duk wata, ba ki je ko'ina ba, ba ki sayi buhu ba. Dusar ma ba asara ba ce, masu kiwo na nemanta.

Sai dai in kika mayar da gidan tuwo da rana tuwo da dare, cikin mako biyu za a yi miki bore, a koma gidan jiya. Masara ɗaya tana ba da dambu da zogale, tana ba da burabusko idan an ɓarza ta, tana ba da fate da yakuwa ko alayyafo. Gero yana ba da burabusko da wake, dawa tana ba da hoce, wanda surukarki ta san shi tun kafin a haife ki, ki bar mata ragamar wannan ranar za ki ga yadda za ta ji daɗi. Ranar da ake son tuwon shinkafa ko waina, kada a taɓa tsayayyar shinkafa. Ki nemi karyayya wurin masu injin casa, ta fi araha, tuwonta kuma ya fi saurin haɗuwa.

A wajen miya ma watan nan na da nasa rangwamen. Daga Mayu zuwa tsakiyar damina tumatir ɗanye ke tsada, domin noman rani ya ƙare, na damina kuma ruwa da cuta suna lalata shi. A daidai wannan lokacin ne ganye yake arha kamar a ba ka kyauta: rama, lalo, yakuwa, tafasa, zogale, ɗanyar kuɓewa, daga baya kabewa ta shigo. Miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo ba sa neman tumatir ko ɗaya, daddawa da barkono da ɗan kifi busasshe sun ishe su. Miyar taushe kuwa kabewa ce ke ba ta kauri da launi, tumatir biyu ko uku sun wadatar. Ki bar jar miya ga ranakun shinkafa.

Akwai ragin da ba na so ki yi. Idan kuɗi ya matse, mutane sukan fara cire wake da kifi da nono, su ƙara garin rogo da taliya domin suna cika ciki. Yaro zai ƙoshi, amma jikinsa ba ya samun abin ginuwa. Idan nama ya fi ƙarfinki, ki koma ga waken suya, ki yi awara a gida, ki zuba garinsa soyayye a kunun yara. Ƙuli-ƙuli a kwaɗo da gyaɗa a miya suna yin irin wannan aikin. Wake kuma ki jiƙa shi tun dare, domin in ba haka ba abin da kika tsira da shi a kasuwa zai tafi a gawayi ko gas.

Mu zo kan buhu. Mutane da yawa suna ɗauka duk abin da aka saya da buhu, ko aka sayo daga ƙauye, ya fi arha. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa wahala ce kawai. A ce yau kin aika ƙanen maigida kasuwar Acida ya sami buhun gero a 60,000. Ana cewa buhu tiya 40 ne, sai ki ga kamar tiya ta zo a 1,500. To kuɗin motar buhun 3,000, ɗan dako 500, kuɗin motar ɗan aike zuwa da dawowa 2,500, ya zama 66,000. Aka zo gida aka auna, aka sheƙe ƙasa da ƙaiƙayi, sai ga tiya 37. Raba 66,000 gida 37, tiya ta tsaya a kusan 1,780. A bakin titinku 1,800 take. Kin ci ribar naira 20 a tiya, kin kashe wa yaro yini guda a hanya. Yanzu ki ɗauki wannan buhun a ƙarshen Oktoba, a ce ya sauko 42,000, ku huɗu kuka haɗu kuka aiki mutum ɗaya kuka raba kuɗin motarsa. Buhun zai iso ƙofarki a kusan 46,000, tiya ta kama wajen 1,250. Waɗannan alƙaluman misali ne, ki cire su ki sa na ranar da za ki saya, amma ki lura da inda bambancin ya fito. Canjin kasuwa ɗan kaɗan yake ragewa, canjin wata shi ke rage mai yawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya cinye yawancin ribar zuwa kasuwar ƙauye don buhu ɗaya. Ga kuma halin da wasu hanyoyin gabashin jihar suke ciki, wanda ba sai na faɗa miki ba. Ba na ba kowa shawarar ya bi hanyar da ake tsoro saboda rangwamen dubu biyu. A kaka, ko a Tsohuwar Kasuwa ko a Kara nan cikin gari za ki sami sauƙin da ya ishe ki.

Duk wanda zai saya miki, ya tafi da tiyar gidanku ko ya sa a auna a gabansa. Akwai tiyar saye akwai ta sayarwa, wata an bubbuge gindinta ya shige ciki. Ya sa a soki buhun a sama da tsakiya da ƙasa, don ana yin fuska, a sa mai kyau a baki a cusa tsohon hatsi ko mai tsakuwa a tsakiya. Ya duba ko akwai gari-gari a gindin abin da aka zaro, ko ƙwayoyin da suka huje, alamar ƙwari sun riga sun shiga. Ya kuma shinshina. Wake ko masarar da ke warin magani a bar wa mai su.

Ga yadda zan raba 170,000 ɗin in nawa ne. Buhun gero ɗaya a ƙarshen Oktoba, 46,000. Buhun dawa ko masara ɗaya a Disamba, 46,000. Wake tiya 20 a Nuwamba, a ce 40,000. Kayan ajiya 8,000. Sauran 30,000 a bar su har Fabrairu da Maris saboda kayan miya. Ki ga babu shinkafa a ciki. Ita za ki riƙa sayenta daga kuɗin wata, in kuma kin tara rarar nan ta dubu goma sha biyar na wata uku ko huɗu, ki haɗu da wata ku raba buhun 'yar gida lokacin da ta fadamun Wurno da Goronyo ta fito, ko ta damina a Disamba ko ta rani wajen Afrilu da Mayu.

Kada ki yi zaton buhu biyu za su kai ku shekara. Gida mai mutum takwas yakan cinye kusan buhun hatsi guda duk wata idan aka haɗa kunu da fura da tuwo. Abin da kika saya na wata biyu ne zuwa uku, kuma nan ne yawancin gidaje suke kuskure. Sukan sayi buhu a kaka, su buɗe shi washegari, ya ƙare a Janairu, su koma awo daidai lokacin da farashi ya fara hawa. Ke kuwa ki ɗaure buhunanki ki manta da su. Muddin kasuwa na da sauƙi, ki ci gaba da awo daga kuɗin wata. Sai tiya ta haura abin da kika sayi taki da kamar kashi ɗaya cikin uku, wanda yakan faru wajen Yuni, sannan ki kwance. Ta haka buhu biyun za su tare miki watannin da suka fi ciwo, kuɗin hatsin waɗannan watannin kuma ki tara shi, shi ne jarin kaka mai zuwa. Gero kaɗai za ki iya taɓawa da wuri saboda azumi, wanda a 'yan shekarun nan yake faɗowa a Fabrairu da Maris. Gero da sukari da mai sukan motsa ana saura mako biyu ko uku a ga wata, don haka sayayyar azumi tun farkon Sha'aban ake gama ta.

Wannan tsari ba ya aiki sai hatsin ya kai Yuni lafiya, don haka ajiya ita ce rabin maganar. Sabon hatsi yakan zo da sauran danshi. Ki shanya shi kwana biyu ko uku a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba. Ki ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa da saura. Akwai gwajin da ya fi wannan: ki zuba ɗan hatsi a busasshiyar kwalba da cokalin busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza, ki bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Masara da gyaɗa su ne abin tsoro a nan, don in aka ajiye su da danshi suna yin fumfuna mai dafi da ke illata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe dafin.

Gero da dawa suna da haƙuri. Wake da masara ne ƙwari suke so, wake ma yakan zo da ƙwan ƙwaron tun daga gona. Maganinsu hana su iska. Ki wanke jarkar mai ta lita 25, ta bushe sarai, ki cika ta da wake har wuya kina girgizawa don ya zauna, ki sa leda a bakin ki murɗe murfin. Tiya ashirin za ta ci jarka biyu da ɗan ragowa, ragowar shi za ku fara ci. Ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Amma in kina buɗewa kullum kina ɗiba, kin ɓata aikin, don haka a buɗe ɗaya sai ta ƙare. Na masara da dawa akwai buhun nan mai leda biyu masu kauri a ciki, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Purdue ta Amurka, masu sayar da kayan noma sun san shi. Kowace leda a matse iskarta a ɗaure ta daban. A ɗora buhun a kan katako, kada ya jingina da bango, a kuma kiyaye ɓera, don huda ɗaya ta isa ta lalata shi.

Kada fiya-fiya ta kusanci abincinki, ko wa ya ce miki haka ake yi. Saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Ƙwayar nan da 'yan kasuwa ke kira bom kuma iska mai kisa take fitarwa, ta ma'ajiyar da ba kowa ce, ba ta ɗakin da yara ke kwana kusa ba. Sannan kada ki niƙa da yawa. Garin gero yana da maiƙo, a zafin Sakkwato cikin kwanaki kaɗan yake fara ɗaci. Niƙan mako guda ya isa.

Dubu talatin ɗin kayan miya kuwa lokacinsu Fabrairu zuwa Maris, sa'ad da tumatir da tattasai da albasar fadama suka cika Ramin Kura da Kasuwar Daji. Mai sayen kwando ya je da sassafe ana sauke kaya, ya zaɓi mai tauri. Na yamma da ake karyarwa ya fara laushi, na miyar ranar ne, ba ya shanyuwa da kyau. Ki yanka tumatir biyu ko huɗu, ki shimfiɗa a wuri mai tudu fuskar yankan na kallon sama, ki rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Cikin kwana biyar zuwa mako yakan bushe, za ki gane in ya daina danƙo. Kada ki firgita in kika ga kwando guda ya koma 'yar leda, tumatir kusan duk ruwa ne, kuma tafin hannu ɗaya na kauɗa in an jiƙa ya isa miya. Wadda kika yi da hannunki ta fi ta kasuwa tsabta nesa ba kusa ba, ta kasuwa sau da yawa a ƙasa aka shanya ta.

Albasa ita ce mai yaudara. Tana arha a Maris da Afrilu, tana tsada daga Oktoba zuwa Disamba, sai mutum ya ga kamar ya sayi buhu ya huta. A gidan birni buhun albasa ba ya kai damina lafiya, zafi da danshi sukan ruɓar da kaso mai yawa. Ki sayi abin da za ki ci wata biyu, mai busasshen wuya, ki baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, kina tsince wadda ta fara laushi duk mako. Sauran ki yayyanka ki shanya, ki haɗa da gabu, su za su riƙe ki a watannin tsada. Manja ma in akwai rara a wannan lokacin ake sayensa, don daga Fabrairu zuwa Mayu ne kwakwar manja ta fi yawa a Kudu.

Ki faɗa wa maigida wani abu guda, don na san zai tambaya: idan kaka ta zo farashi bai sauka ba fa? Yana faruwa. A ƙarshen 2023 da shigowar 2024 hatsi bai yi saukar da aka saba ba, ya ci gaba da hawa. Akasin haka ma ya faru, a 2025 farashin masara da sauran hatsi ya faɗi, waɗanda suka tara buhuna da tsada suna jiran riba suka tafka asara. Shi ya sa na raba miki sayayyar gida huɗu a watanni daban-daban, na kuma ce ki sayi na ci kawai, da kuɗinku, ba da rance ba. In a tsakiyar Oktoba kika ga sabon gero ya cika kasuwa mako biyu a jere tiya ba ta sauka ba, kada ki ƙara jira, ki saya a yadda yake, domin ba zai fi haka sauƙi ba a wannan shekarar.

Sauran magana ta cikin gida ce. Ranar da buhu ya shigo, hannu yakan saki, mai auna gwangwani shida ya koma tara, 'yan'uwa da maƙwabta kuma sun ji labari. Ba zan ce ki hana ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Ku zauna ke da maigida da surukarki tun ranar farko ku ware tiya uku ko huɗu daga kowane buhu a wani kwano daban, na kyauta da sadaka. In aka zo nema daga nan za a ɗiba. Ragowar a ɗaure, ki rubuta a jikin buhun ranar da aka saya da nawa tiya ta kama, don da wannan lambar za ki gwada farashin kasuwa ki san ranar kwancewa.